Sokawe da rijiyar burtsatse a gida ɗaya: abubuwan da ya kamata ka sani

A Turawa da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, wanda Allah Ya hore wa yakan so masai na zamani da rijiyar burtsatse duk a fuloti guda. Birkila kuwa yakan haƙa ramin inda ya ga sarari, ya yi girmansa da ido. Daga nan matsalar take farawa.

Ramin masai biyu ne, aikinsu daban

Na farko tanki ne da aka yi wa daɓe da filasta don kada ya yi yoyo. A cikinsa ƙazanta mai nauyi take kwantawa, maiƙo ya taso sama. Na biyun shi ne sokawe, inda ruwan da ya fito daga tankin yake tsuma cikin ƙasa. Ruwan nan ko ya yi garau yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot. Ƙasa ce take tace shi, saboda haka sokawen ne abin tsoro ga rijiya.

Lissafin tanki

Mu ɗauki gida mai mutum 12, kowa yana tura lita 60 a rana ta wanka, wanki da bahaya. Lita 720 ke nan. A bar ruwan ya kwana biyu don ya kwanta: lita 1,440. Sai gurbin laka, wadda takan kai kimanin lita 40 kan kowane mutum a shekara. Idan duk shekara 3 za a kira motar yashe masai, wata lita 1,440 ce. Jimilla 2,880, a ce 3,000.

Tanki mai faɗin mita 1, tsawon mita 2.5, zurfin ruwa mita 1.2 ya ɗauke wannan. A bar sarari na santimita 30 tsakanin ruwa da murfi. A raba shi biyu da bango, ɓangaren farko ya ci kashi biyu cikin uku. Bututun fita ya yi ƙasa da na shiga da kamar inci 3, a sa masa mahaɗi mai baki uku don kada maiƙo ya bi ruwa. A ƙirga da ’ya’yan da za a haifa da baƙin biki, domin gidan Bahaushe ƙaruwa yake yi.

Sokawe: ƙasarka ce za ta faɗi girmansa

Ƙasan ramin yakan toshe da wuri, don haka gefensa kaɗai ake ƙirgawa. Ƙasa mai yashi-yashi takan sha kimanin lita 30 a rana a kowace murabba’in mita, yumɓu kuwa da ƙyar ya sha 10. Lita 720 ɗinmu tana buƙatar murabba’in mita 24 a ƙasa mai kyau. Gefen zagayayyen rami mai faɗin mita 2 da zurfin mita 2 ƙasa da bututu bai wuce 12.6 ba. Ashe rami biyu gidan yake buƙata. Shi ya sa za ka ga sokawe ya tumbatsa a Agusta, baƙin ruwa yana malala lungu.

Kafin a fara, haƙa ɗan rami ya kai zurfin da ake nufi, ka cika shi da ruwa ya kwana, ka sake cikawa. Idan awa guda ta wuce ruwan bai sauka inci ɗaya ba, canza wuri.

Nisa daga rijiya

Ƙa’idar da aka fi bi ita ce mita 30, wato ƙafa 100, kuma sokawen ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ko an kai su kusurwa da kusurwa da ƙyar ya cika wannan, ga kuma sokawen maƙwabci a bayan katanga. A ganina, gara gidaje su haɗu su haƙa rijiya ɗaya a fili da kowa ya matsa tasa kusa da masai.

A yankinmu ma mita 30 mafi ƙaranci ce. Yammacin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagoginsa. Ƙazantar da ta faɗa tsagi takan yi nisa ba tare da ta tacu ba. Idan mai haƙa ya ci karo da dutse, a dakata, a nemi wuri mai kaurin ƙasa.

Ƙasan sokawe ya kasance aƙalla mita 2 sama da inda ruwa yake kaiwa da damina. Leƙa rijiyar unguwa a ƙarshen Agusta, ba a Afrilu ba. Wannan ya fi shafar masu gida a bakin fadama da kewayen madatsar Challawa. Rijiyar ita ma a zuba siminti kewaye da bututunta daga sama, a yi mata daɓe.

Ruwan rijiyar da yake gurɓacewa bayan an yi ruwan sama alama ce cewa wani abu yana shiga daga sama. Tafasa shi, ka kai a gwada. Kafin birkila ya sa diga a ƙasa kuma, kira duba-gari da maƙwabtanka ku auna nisan tare.