Idan Ɗaki Na Juyawa Da Kai A Kan Gado

Jama'a, mu ɗauki misalin wata uwa mai shekara 55. Da asuba ta juya ɓarin dama a kan gado, sai ta ga ɗaki yana juyawa da ita. Ta riƙe katifa, kafin minti ɗaya abin ya lafa. Washegari ta ɗaga kai za ta sauko da ƙwarya, hajijiyar ta dawo. 'Ya'yanta suka ce hawan jini ne.

Sau da yawa matsalar tana can cikin kunne. A ciki akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan duwatsu irin na alli, waɗanda ba su kai ƙwayar yashi ba. Kusa da ita akwai lanƙwasassun bututu 3 cike da ruwa, masu sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai. Tsufa ko buguwa a ka kan sa duwatsun su ɓalle su faɗa bututu. Da mutum ya juya kai sai su gangara su motsa ruwan, ƙwaƙwalwa ta zaci juyawa ake yi. Da sun kwanta, sai hajijiya ta tsaya.

Don haka a lura da abu biyu: me ke tayar da ita, kuma tsawon wane lokaci take yi? Ta duwatsu juya kai ne ke kawo ta, ba ta cika kai minti ɗaya ba, ba ta kuma rage ji. Cutar Meniere kan ɗauki minti 20 zuwa awoyi, tare da ƙugi a kunne da raguwar ji. Kumburin jijiyar kunne kan yi kwanaki, da amai, ko mutum na kwance shiru. Wanda kuma idonsa ke yin duhu in ya miƙe tsaye farat ɗaya, a auna jininsa, a duba magungunan da yake sha.

A asibiti likita zai juya kan uwar nan dama, ya kwantar da ita rigingine da sauri. In bayan 'yan daƙiƙu idanunta suka fara rawa, to, kunnen dama ne. Maganin shi ne dabarar da Dokta John Epley ya wallafa a 1992. Daga wannan kwanciyar za a juya kanta hagu, sannan ta mirgina ɓarin hagu fuska na kallon ƙasa, sannan ta zauna. A kowane mataki ana dakatawa kamar daƙiƙa 30, har duwatsun su koma jakarsu. Ƙwayoyin jiri ba sa mayar da su. Abin yakan dawo, sai a maimaita. Mai ciwon wuya ya sanar da likita tukuna.

Amma fa a kiyaye. In hajijiya ta zo da karkacewar baki, sarƙewar harshe, gani bibbiyu, mutuwar hannu ko ƙafa, matsanancin ciwon kai, ko kasa tsayuwa, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a jira gari ya waye, a garzaya asibiti.