Kafin ka biya kuɗin talla, tambayi da me aka raba

Idan mai tallata kaya a Instagram ta ce maka kashi 15 cikin ɗari ne ke kula abin da take sakawa, ka tambaye ta da me ta raba. Da yawa suna fara lissafin ne kamar haka: a haɗa laik da sharhi da turawa da adanawar da hoto ko bidiyo ya samu. Daga nan wasu su raba da yawan mabiya, wasu kuma su raba da yawan waɗanda abin ya kai gare su, wato abin da manhajar ke kira Reach, inda ake ƙirga kowane asusu sau ɗaya ko da ya kalla sau goma.

```
(likes + comments + shares + saves) / followers × 100
(likes + comments + shares + saves) / reach × 100
```

A ɗauka wani mai atamfa a Kantin Kwari yana son zaɓar ɗaya cikin mata biyu. Ta farko tana da mabiya 100,000, bidiyonta ya kai ga mutum 20,000, ya tara martani 2,000. Ta biyu mabiyanta 10,000 ne kacal, amma bidiyonta ya bazu har ga mutum 25,000, ya tara martani 1,500. In aka raba da mabiya, ta farko tana da kashi 2, ta biyu kashi 15. In aka raba da waɗanda suka gani, ta farko ta koma kashi 10, ta biyu kashi 6. Alƙaluman ba su canza ba, amma ta baya ta dawo gaba.

Dalili shi ne manhajar ba ta nuna wa kowane mabiyi abin da aka saka, kuma tana kai shi ga baƙin da ba su bin shafin. Lissafin mabiya yana ɗora wa ta farko nauyin dubban asusun da suka daina leƙowa, ko ma waɗanda aka saya. Ita kuwa ta biyu ya kumbura mata sakamako, domin ya haɗa martanin baƙi ya raba da 'yan gida kaɗai. Shi ya sa bidiyon da ya bazu sosai zai iya haura kashi 100 a wannan lissafi.

Shi ma lissafin Reach yana da nasa aibin. Bidiyon da mutum 200 kawai suka gani, galibinsu 'yan'uwa da abokai, zai iya samun kashi 30, alhali wanda aka biya kuɗi ya kai ga dubban baƙi zai faɗi ƙasa. Sannan mai shafi ne ke ganin wannan adadi a Insights, na waje ba ya gani, don haka masu kwatanta shafukan wasu suka fi dogara da mabiya.

A ganina, mai ba da talla ya fi buƙatar lissafin Reach. Ka nemi a nuna maka Insights na bidiyo goma na baya-bayan nan, ka duba kason tare da yawan mutanen da kowanne ya kai gare su.