Shafin 404 da Dokar 301: Yadda Ake Riƙe Baƙon da Ya Ɓata Hanya

Idan mutum ya latsa adireshin da babu shi a gidan yanar gizo, sabar takan mayar wa burauzarsa lamba 404, ma'ana ba a sami shafin ba. Galibi abin da ke jawo haka shi ne an sauya wa shafin wuri, ko an share shi, ko kuma an yi kuskure wajen rubuta adireshin. Kowanne da maganinsa.

A ɗauki misalin mai kantin atamfa da ya sake fasalin gidan yanarsa, shafin `/atamfa.html` ya koma `/kaya/atamfa/`. Tsohon adireshin yana nan yana yawo a WhatsApp, kuma babu mai iya janyo shi. A nan dokar karkatarwa ake bukata. A sabar Apache, ana rubuta ta a fayil ɗin `.htaccess`:

```
Redirect 301 /atamfa.html /kaya/atamfa/
ErrorDocument 404 /404.html
```

Layin farko yana kai mai saye sabon wurin ba tare da ya ma lura ba. Lamba 301 tana nufin ƙaurar ta dindindin ce, don haka Google yakan maye gurbin tsohon adireshin da sabon. Burauza ma takan riƙe wannan umarni, shi ya sa gyara kuskurensa ke da wuya. Idan ƙaurar ta ɗan lokaci ce, 302 ta fi dacewa. Wajibi ne kuma a tabbatar sabon shafin ba ya sake turawa zuwa tsohon, in ba haka ba baƙo zai yi ta zagaye har Chrome ya nuna masa `ERR_TOO_MANY_REDIRECTS`.

Layi na biyu na shafukan da ba su da magaji ne. Shafin kuskure mai amfani yana ɗauke da tambarin kantin, domin baƙo ya san bai fita daga gidan ba. Yana gaya masa a jimla ɗaya cewa abin da yake nema babu shi, sannan ya ba shi akwatin bincike da hanyoyi uku ko huɗu, kamar atamfa, leshi da shadda. Ya kasance mara nauyi, saboda mai ƙaramin data ba zai tsaya jiran manyan hotuna ba. Adiresoshin hotunansa su fara da alamar `/`, domin shafin yana iya bayyana a kowane lungu na gidan.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne tura duk wanda ya ɓata zuwa shafin farko. Mai neman leshi sai ya tsinci kansa a bakin ƙofa babu bayani, ya juya ya tafi. Google kuwa yakan ɗauki irin wannan a matsayin `soft 404`. Haka nan idan aka sa cikakken adireshi mai `https://` a layin `ErrorDocument`, Apache zai aika lambar karkatarwa maimakon 404. Ana gane matsalar ta hanyar gwada adireshin da babu shi da umarnin `curl -I`: layin farko na amsar dole ya nuna 404.