Yadda Ake Fitar da Taƙaitaccen Bayani Daga Hoton Fostar Bincike

A tarukan masana, mai bincike kan liƙa aikinsa a babbar takarda da ake kira fosta, wadda tsawonta kan wuce mita ɗaya. Mai wucewa sai ya ɗaga waya ya ɗauke ta. Aikin da ke jiransa a gida shi ne mayar da hoton nan bayani na kalmomi kamar 250, a ƙarƙashin kanu huɗu: manufa, hanya, sakamako da iyakoki.

Matsalar farko daga hoton take. Hoto ɗaya ba ya ɗaukar ƙananan rubutun da ke ƙasan jadawali, hasken fitila kuma kan shafe lamba, har 7 ta yi kama da 1. Shi ya sa gwani ke ɗaukar fostar gaba ɗaya, sannan ya matsa kusa ya ɗauki kowane sashe daban. Lambar da ba ta fito ba, marubucin ake tambaya.

A ɗauka fostar ta gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 ce, wanda aka fara a Nanoro ta Burkina Faso a 2019. Manufa jimla ɗaya ta ishe ta: a gano ko allurar tana kare yara, kuma ko tana da illa. Hanya ita ke cin wuri. Yara 450 ne, 'yan wata 5 zuwa 17, aka raba su rukuni uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni biyu sun karɓi R21, na uku aka yi masa rigakafin cizon mahaukacin kare don a samu abin kwatantawa. Wanda ya bar rukuni na ukun nan a taƙaitawarsa ya cire wa sakamakon ma'ana.

A sakamako ake yawan zamewa. Fostar za ta nuna kariyar kashi 77 cikin ɗari da manyan baƙaƙe, amma wannan na rukunin da ya samu sinadarin ƙarfafa allurar mai yawa ne. Kusa da shi akwai ƙananan lambobi, 67 zuwa 84, wato tazarar da ake kyautata zaton ainihin kariyar tana cikinta. Dole su ma su shiga.

Iyakoki kuwa galibi a lungun ƙasa ake matse su, wani lokaci ma babu su. A wannan gwajin, wuri ɗaya ne, inda cutar ke zuwa da damina, kuma kafin lokacinta aka yi alluran, don haka sakamakon bai faɗi abin da zai faru inda sauro ke cizo duk shekara ba. Idan mai taƙaitawa ne ya lura da hakan da kansa, ya rubuta a fili cewa lurarsa ce. Ya kuma ambaci sunan taron da shekararsa, domin alƙaluman fosta kan canja kafin aikin ya fito a mujalla.