Lissafin awa: Yadda tela zai raba kuɗin haya, wuta da fetur a kan kowane ɗinki

A shagunan ɗinki na Unguwar Sarki da ke Kaduna, kamar sauran unguwanni, yawancin teloli na yanka kuɗin ɗinki ne ta hanyar duba abin da maƙwabci ke karɓa. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tafiyar da shago ya yi tashin gwauron zabo. Shago na iya cika maƙil da shadda, amma kuɗin haya ya gagara.

Matsalar tana cikin kuɗaɗen da ba na riga guda ba ne. Zare da maɓalli kowa ya san rigar da ta ci su. Amma haya, da kuɗin wutar Kaduna Electric, da fetur ɗin janareta, duk ɗinkin shagon ne ke cin su tare. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce bisa awannin da kowane ɗinki ya ɗauka.

Bari mu ɗauki misalin shago mai teloli uku, da alƙaluman da muka ƙaddara domin bayani. A wata, haya naira 30,000 ce, wato 360,000 a shekara. Wuta 25,000, fetur 70,000, gyaran kekuna da allurai da man keke 15,000. Akwai wata 15,000 da ake warewa domin sayen sabon keke idan na yanzu ya tsufa. Abincin yara masu koyo, gawayin guga, gadi da shara sun ci 25,000. Jimilla naira 180,000.

Mataki na biyu shi ne ƙirga awanni, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Tela na iya wuni awa takwas a shago, amma idan aka cire lokacin salla, da cin abinci, da ciniki da masu kawo ɗinki, da zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayo zare, da jiran wuta, wataƙila awa shida ce kawai ta yanka da ɗinki da guga. Teloli uku, awa shida, kwana 25, ya ba da awa 450. Idan aka raba 180,000 gida 450, kowace awa ta aiki na ɗauke da naira 400 na kuɗin shago.

Yanzu a ce ladan tela ya kama naira 700 a awa, kuma mai kaya ne ya kawo yadinsa. Kaftani da wando marasa ado sun ɗauki awa huɗu: lada 2,800, kason shago 1,600, zare da maɓalli da sauran tarkace 1,100. Abin da aka kashe 5,500 ke nan. A ɗora ribar kashi 20 cikin ɗari, kuɗin ɗinki ya zama 6,600.

Babbar riga mai aiki kuwa ta ɗauki awa 15: lada 10,500, kason shago 6,000, zaren aiki 3,500. Jimilla 20,000, da riba 24,000.

Da a ce shagon ya ɗinka kaya 60 a watan, ya raba kuɗin daidai wa daida, da kowane ya ɗauki 3,000. Mai kaftani zai biya ƙarin 1,400 da bai ci ba, mai babbar riga kuma ya samu rangwamen 3,000. Sannu a hankali masu ƙaramin ɗinki za su koma wani shagon, a bar tela da manyan ayyukan da ba sa biyan kansu.

Haka kuma idan mai shago ya yi lissafi da awa takwas, zai samu awa 600, ya ɗora naira 300 kacal a kowace awa. Tunda awa 450 aka yi aiki a zahiri, abin da zai dawo 135,000 ne, giɓin 45,000 duk wata. Ana gane wannan ne idan a ƙarshen wata aka ninka awannin da aka rubuta da kuɗin awa, aka kwatanta da abin da aka kashe. Giɓin da ya maimaita kansa wata uku a jere alama ce ta cewa kuɗin awa na buƙatar gyara.

Lokaci ma na iya rikita lissafin. A watan azumi teloli na kwana a shago, awanni su yi yawa, kuɗin awa ya faɗi. Bayan Babbar Salla aiki kan ja baya, kuɗin awa ya haura. Shi ya sa ya fi dacewa a tara kuɗin shekara guda a raba da awannin shekara, sannan a sake dubawa duk lokacin da haya ko fetur ya tashi.

Wannan hanya na da iyaka. Shagon da ke da injin aiki na kwamfuta bai kamata ya dogara da awar tela kaɗai ba, domin injin na shan wuta na tsawon awanni alhali ɗan lokaci kaɗan mutum ya sa hannu. A ware kuɗin wutar injin da gyaransa daban, a raba su bisa awannin da injin ya yi gudu, don kada mai kaftani marar ado ya biya wutar da bai sha ba.

Abin da ake buƙata don farawa shi ne littafi guda, inda za a riƙa rubuta lokacin da aka fara kowane ɗinki da lokacin da aka gama shi, har tsawon wata guda.