"Ba Za Mu Sabunta Ba": Abin da Ke Cikin Wasiƙar Ƙarewar Kwantiragi

Wasiƙar ba ta cika wuce shafi ɗaya ba. Kamfani zai gode wa mutum bisa aikin da ya yi, ya tuna masa cewa kwantiraginsa zai ƙare ranar kaza ga watan kaza, sannan ya ce ba za a sabunta ba. Galibi ƙwararrun da ake ɗauka na wani wa'adi don su ba da shawara ne ke samun irinta: injiniyoyi, akantoci, masana harkar kwamfuta, da masu bincike a ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri ko Kano. Da yawansu da zarar sun karanta sai su ce, "An kore ni."

A idon doka a Najeriya, ba kora ba ce. Kwantiragi mai wa'adi ana haihuwarsa ne da ranar mutuwarsa a rubuce, kuma idan ranar ta zo yana ƙarewa da kansa. Kamfanin da ya raba gari da mutum a tsakiyar wa'adi shi ne ya yanke kwantiragi, kuma ana iya binsa kuɗin watannin da suka rage idan yarjejeniyar ba ta ba shi wannan damar ba. Wanda kuwa ya jira wa'adi ya cika, bai karya komai ba, kuma a mafi yawan lokaci ba dole ne ya faɗi dalili ba. To, idan haka ne, me ya sa ake aiko da wasiƙar tun farko?

Amsar tana cikin ita kanta yarjejeniyar, a sakin layin da ya yi maganar sabuntawa, wanda mutane ba su cika karantawa ba ranar da suke murnar sa hannu. Wata yarjejeniyar cewa take ba za a sabunta ba sai ɓangarorin biyu sun amince a rubuce. A nan wasiƙar kara ce kawai aka yi wa mutum, domin ya fara neman wani abin. Wata kuwa cewa take kwantiragin zai sabunta kansa, sai fa in ɗaya daga cikinsu ya ba da notis a rubuce kwana kaza kafin wa'adi ya cika. A wannan ta biyun, wasiƙar ita ce komai, kuma ranar da ta iso tana iya zama bambanci tsakanin tafiya hannu rabbana da samun haƙƙi mai tsoka.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata akanta ta sa hannu da wani kamfanin gine-gine a Kaduna, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba na 2025, a kan naira 600,000 duk wata. Yarjejeniyar ta ce za ta sabunta kanta na wata shekara, sai dai idan an ba da notis a rubuce aƙalla kwana 30 kafin ta ƙare, kuma a miƙa shi hannu da hannu ko ta kamfanin aika saƙo zuwa adireshin da ta bayar. Kenan ya kamata notis ya riske ta zuwa 1 ga Disamba. Sai ga wasiƙa ɗauke da kwanan wata 28 ga Nuwamba, amma direban kamfani bai kawo ta ba sai 8 ga Disamba.

Abin da ya dace ta yi a take, kafin ɓacin rai ya ɗauke mata hankali, shi ne ta rubuta ranar da ta karɓa a jikin kwafin da direban zai koma da shi, ta kuma ɗauki hotonsa. Kwanan watan da sakatare ya buga a saman takarda ba shi ne hujja ba idan yarjejeniya ta rataya notis a kan isar da shi. Da wannan tana da damar cewa notis ya makara da mako guda, don haka kwantiragi ya riga ya sabunta. Haka nan idan manaja ya tura mata saƙon WhatsApp ne a kan lokaci, alhali yarjejeniya ta ce takarda, akwai abin magana.

Sai dai kada ta yi saurin ƙirga albashin shekara guda. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da wani sakin layin da ya ba kowane ɓangare damar yanke hulɗa a kowane lokaci da notis na wata ɗaya. In akwai shi, kamfanin zai yi amfani da shi ne kawai, abin da za ta samu ba zai wuce kuɗin wata guda ba, wato naira 600,000. Ba kaɗan ba ne, kuma ni ina ganin ya isa a rubuta wasiƙar neman sa cikin ladabi.

Wasu kan ɗauko Dokar Ƙwadago su ce ai sashe na 11 ya tanadi notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, har zuwa wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Gaskiya ne, amma dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga waɗanda ta kira ma'aikata, ballantana mai ba da shawara da ke cin gashin kansa. Shi takardar da ya sa wa hannu ita ce garkuwarsa.

Duk da haka, sunan da aka ba mutum a takarda ba shi ne ƙarshen zance ba. A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙoli ta jero abubuwan da ake dubawa: albashi ake biyansa ko ladan aiki, wa ke ba da kayan aiki, an ƙayyade masa lokacin zuwa da tashi, a ofishin wa yake zama, kuma yana iya wakilta wani ya yi aikin a madadinsa? Mutumin da ya shekara biyar yana zuwa ofis ƙarfe takwas, yana neman izini kafin ya je jana'iza, ana sabunta masa takarda duk shekara, yana da hujjar cewa shi ma'aikaci ne aka sa masa wata riga. Ƙararsa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta, inda maganar fansho ma ke iya tasowa. Mai ba da shawara na ainihi kuwa babbar kotun jiha ya nufa, ko zaman sasanci idan yarjejeniya ta shar'anta haka.

Sai kuɗin da ake mantawa da shi. Duk wata kamfanin yana cire wa akantar nan kashi 5 cikin 100 a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe, naira 30,000, ya ba ta 570,000. A shekara an cire mata 360,000. Wannan kuɗi da sunanta ya kamata a kai shi hukumar tara haraji ta jiha, kuma sai da takardar shaidar biya za a rage mata shi daga harajinta. Ta nemi takardun tun tana da fuskar shiga ofishin, tare da kuɗin tafiye-tafiyen da ta kashe daga aljihunta. Ranar da za ta mayar da kwamfuta da katin shaida, ta karɓi rasit mai sa hannu, domin da batun kayan da ba a mayar ba ake yawan riƙe wa mutane biyan ƙarshe.

Idan kuma aka ce mata da baki, "Hajiya, ki ɗan taimaka mana da rahoton Janairu kafin mu sami wani," ta amsa da cewa ba matsala, amma a turo mata imel mai layi biyu da ya faɗi kwana nawa ne aikin, kuma nawa za a biya.