Tace Bidiyo a Kafafen Sada Zumunta: Zaɓen Hoto da Sautin da Za a Miƙa wa Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayanin yadda kafafen sada zumunta irin su Facebook da TikTok da YouTube suke ware sassan bidiyon da ya kamata mutum ya duba da idonsa, ya kuma saurara da kunnensa, kafin a yanke hukuncin barin bidiyo ko cire shi. Bidiyon da ake ɗorawa a kowace rana ya fi ƙarfin a ce mutane su kalle shi duka, saboda haka na'ura ce take fara tankaɗe, sannan ta miƙa wa ma'aikacin tacewa 'yan guntaye. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a bidiyon Hausa hatsarin ya fi ɓoyewa a cikin magana, kuma duk guntun da aka yanka ba tare da la'akari da ginin jimla da muhallin magana ba, yana iya sa a hukunta marar laifi ko a saki mai laifi.

2.0 Zaɓen Hotuna

Bidiyo jerin tsayayyun hotuna ne da suke wucewa da sauri har ido ya ga kamar motsi. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ake kira firam. Wayar hannu takan ɗauki firam 30 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan bidiyo mai minti 6 yana ƙunshe da firam 10,800, waɗanda mafi yawansu kusan iri ɗaya ne. Akwai hanyoyi uku da ake rage su.

Ta farko ita ce tsinta bisa lokaci, wato a ɗauki firam ɗaya a kowace daƙiƙa, sai 10,800 su koma 360. Illarta ita ce, idan aka cusa mummunan hoto na tsawon firam 10 kacal, yana iya faɗawa tsakanin tsinta biyu ya wuce ba a gan shi ba.

Ta biyu ita ce lura da canjin fage. Na'ura tana kwatanta kowane firam da wanda ya gabace shi, inda duk ta ga bambanci mai yawa sai ta ɗauka. Wannan yana kama hoton da aka cusa, amma idan hannun mai ɗauka yana rawa, sai ta riƙa ganin canji inda babu shi.

Ta uku ita ce kwatanta tambari. Akan mayar da hoto ya zama jerin lambobi da suka keɓanta da shi kamar zanen yatsa, sannan a gwada da tambarin hotunan da aka riga aka haramta. Manhajar PhotoDNA ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2009, a kan wannan tsari take. Lokacin harin da aka kai masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar 15 ga Maris, 2019, Facebook ya ce ya cire kwafin bidiyon harin miliyan 1.5 cikin awa 24 na farko, kuma miliyan 1.2 daga ciki tun wajen ɗorawa aka tare su. Sai dai wannan hanya abin da aka taɓa gani kaɗai take ganewa, sabon abu kuwa ba ta san shi ba.

3.0 Zaɓen Sauti

Shi ma sauti yanka shi ake yi guntu-guntu, ko dai bisa tsayayyen lokaci, kamar daƙiƙa biyar-biyar, ko kuma a duk inda mai magana ya yi shiru. Daga nan sai na'ura ta mayar da maganar rubutu, ta nemi kalmomin barazana ko zagi. A nan ne matsalolin harshe suke kunno kai.

Na farko, korewa a Hausa sau da yawa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a farkon jimla, ɗaya a ƙarshe. A dubi wannan jimla: "Ba mu ce a ƙona musu rumfa ba." Idan yanka ya faɗa bayan "ba mu ce", guntu na biyu zai fara da "a ƙona musu rumfa", wato jimlar nesanta kai ta koma umarni. Haka abin yake da "kada" da "wai", waɗanda suke zuwa a farko su juya ma'anar duk abin da ya biyo baya.

Na biyu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala rubutunsu ɗaya, sai kunne ne yake raba su. Na uku, kalmomi irin su "kashe" da "yanka" suna da faɗin ma'ana: ana kashe kuɗi, ana kashe aure, ana yanka farashi.

4.0 Maki da Layin Jira

Bayan tankaɗe, na'ura takan ba kowane firam da kowane guntun sauti maki tsakanin 0 da 1, gwargwadon zaton da take yi cewa an karya doka. Akan sa iyaka biyu. Abin da ya haura ta sama ana iya cire shi kai tsaye, abin da ya gaza ta ƙasa a bar shi, na tsakiya kuwa shi ake miƙa wa mutum. A 2020 Facebook ya bayyana cewa yana jera abubuwan da suke jiran dubawa bisa munin laifi, da saurin yaɗuwa, da kuma ƙarfin zaton laifin.

Sa iyakar nan ciniki ne. A ƙaddara cewa cikin bidiyo 1,000 guda 10 ne masu laifi. Idan na'ura ta kama 9 daga cikinsu, ta kuma yi kuskuren zargin 50 daga sauran 990, ma'aikaci zai duba 59 domin ya sami 9. Idan aka ɗaga iyaka, aiki zai ragu amma masu laifi za su ƙara kuɓucewa; idan aka sassauto ta, layi zai yi tsawo har abin gaggawa ya makara.

5.0 Misali Daga Kasuwar Maigatari

A ƙaddara cewa wani matashi ya ɗauki bidiyo mai minti 6 a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ranar da take ci, ya ɗora. Wurare huɗu ne abin nazari.

(a) Minti 1 da daƙiƙa 10. Firam ya nuna wuƙa da jini, na'ura ta ba shi maki 0.8. Idan firam ɗin kaɗai aka miƙa, ma'aikaci zai shiga shakka. Idan aka haɗa da firam na daƙiƙa goma kafinsa da bayansa, zai ga teburin mahauci da masu sayen nama, ya kuma ji ana taya tsoka. Babu laifi.

(b) Minti 2 da daƙiƙa 30. An ji jimlar rumfa da aka kawo a sama. A irin wannan kasuwa babu shirun da na'ura za ta dogara da shi, ga kukan shanu, ga ƙarar manyan motoci, don haka bisa lokaci ta yanka, ta raba jimlar biyu. Alamar da ma'aikaci zai gane an yi ɓarna ita ce "ba" ɗin da ta rage a ƙarshe babu abokiyarta. Da ya koma baya kaɗan zai ji dattijo ne yake kwantar da hankali.

(c) Minti 3 da daƙiƙa 5. Wani Bamange ya ce wa Bafulatani: "Bawana, yau da kai zan haɗa in sayar da shanun nan." A rubuce wannan cin zarafin ƙabila ne, kuma maki zai yi sama. Amma duk wanda ya tashi a masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa, ya san wasan da yake tsakanin Fulani da Barebari da danginsu. Hujjar ba a cikin jimlar take ba, tana cikin dariyar da ta biyo baya da martanin da Bafulatanin ya mayar. Dole guntun ya ƙunshi amsar.

(d) Minti 4 da daƙiƙa 40. Wani mutum yana jingine da mota, fuskarsa a sake, ya ce: "Su o'o da suka sauka bayan gari, Alhamis mai zuwa a yi musu wankin babban bargo." Hoto lafiya lau, kalmomi kuma wanki ne da bargo, saboda haka maki zai yi ƙasa ƙwarai. Alhali kuwa nan ne kaɗai aka yi kiran a far wa mutane, har da wuri da rana.

Idan aka lura, wurare ukun da na'ura ta zarga duk ba su da laifi, na huɗun da ta saki shi ne mai hatsari. Irin wannan guntu yakan isa hannun mutum ta ɗaya daga hanyoyi uku: ƙorafin masu kallo, musamman idan sun nuna daidai mintin, ko saurin yaɗuwar bidiyon fiye da kima, ko tsintar ka-cici-ka-cici da ake yi da gangan daga cikin abubuwan da na'ura ta wanke, domin a auna yawan abin da yake kuɓuce mata.

Idan aka ba kowane wuri kimanin daƙiƙa 30, ma'aikaci zai duba minti 2 maimakon 6. An rage aiki, an kuma rage yawan munanan hotunan da idonsa zai gani, ba tare da an raba magana da muhallinta ba.

6.0 Ƙa'idojin Yanka

Daga wannan misali za a iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Kada a miƙa firam shi kaɗai, sai da na gabansa da na bayansa. Kada a yanka sauti a tsakiyar jimla. A faro daga farkon zancen mai magana, a haɗa da amsar abokin maganarsa. A miƙa hoto da sauti tare, domin kowane yana fassara ɗan'uwansa. Sannan a miƙa wa wanda ya san karin harshen wurin, domin a Maigatari ana jin Hausar Nijar mai aron kalmomin Faransanci, ana jin Fulatanci, kuma mai magana ɗaya yakan sauya harshe a tsakiyar zance.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ake rage firam ta hanyoyi uku, da yadda ake yanka sauti, da yadda maki yake kai guntu gaban mutum. An kuma ga cewa na'ura ta fi iya gane wuƙa da jini fiye da habaici da adon magana. Saboda haka ilimin ginin jimla da na ma'ana da na al'ada su ne suke nuna inda ya kamata a yanka.

8.0 Auna Fahimta

1. Bidiyo mai minti 4 da aka ɗauka da firam 30 a daƙiƙa, firam nawa gare shi? Nawa za su rage idan aka tsinci ɗaya a kowace daƙiƙa?
2. Kawo jimloli uku masu "ba ... ba" ko "kada" waɗanda ma'anarsu za ta juye idan aka yanka su a tsakiya.
3. Da izinin masu magana, ɗauki hirar minti 3 a kasuwar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar, ka rubuta ta, ka yanka ta daƙiƙa biyar-biyar, sannan ka nuna wuraren da yankan ya ɓata ma'ana.